Gaisuwa Na Amsa, Saura Me?

A masana'antar sabulun, idan ka shiga ta ƙofar baya ka wuce inda ake loda kwalaye, akwai wani ɗaki a hannun hagu mai ƙofar gilashi. Nan ake gwada sabulu kafin a bar shi ya fita kasuwa. Matar da ke riƙe da ɗakin gajeriya ce, ba ta cika magana ba, aljihun farar rigarta kullum da tabon biro. Ma'aikata suna ce mata Anti. A gida kuwa har yau Auta ce, duk da ta aurar da 'yarta ta fari.

Abin da aka fi saninta da shi wata tambaya ce. Duk ɗalibin da ya shigo ɗakin nan ya gaishe ta, ya yi ta murza hannu yana kallon kwalabe, sannan ya juya zai fita, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Gaisuwa na amsa. Saura me?"

Sababbin ma'aikata sukan ɗauka gatse ne. Waɗanda suka daɗe sun san inda tambayar ta samo asali.

Babanta mai yankan gilashi ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, da dogon tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, madubai a jingine da bango suna nuna ƙafafun masu wucewa. A nan Auta ta girma. Ta iya riƙe masa rula tun kafin ta iya ɗaura ɗankwali, ta kuma san ƙarar gilashin da ya yanku daidai da ta wanda zai tsage. Baba mutum ne mai doka ɗaya, kuma bai gaji da maimaita ta ba: a gidansa ba a roƙo. Ba a aron tsintsiya, ba a cewa a sa baki, ba a zuwa ƙofar kowa da buƙata. Idan kana da aiki mai kyau, in ji shi, masu so za su zo su same ka.

Yayyenta sun ji dokar sun bar ta a bakin ƙofa. Auta ce ta ɗauke ta gaba ɗaya ta tafi da ita jami'a, inda ta karanta ilimin haɗa sinadarai.

Shekara biyu dokar ba ta cuce ta ba. Karatu ba ya buƙatar roƙo. Sai a shekara ta uku aka sanar da su cewa kowa zai yi horon wata shida a wurin aiki, kuma kowa shi zai nemo wa kansa gurbi. Sashen karatunka zai ba ka takardar gabatarwa, kai kuma ka dawo da takardar wurin da ya karɓe ka kafin ƙarshen zango. Wanda bai kawo ba, sai ya jira shekara mai zuwa, 'yan ajinsa su wuce su bar shi.

Auta ta yi abin da ta ga ya dace da 'yar gidansu. Ta je gaban allon sanarwa na sashe ta tsaya.

Da safe tana wurin. Bayan lacca tana wurin. Ta haddace sanarwar ɓatan katin wani, da ta mai sayar da tsohuwar firji. Tallan neman 'yan horo ya fito sau ɗaya ko biyu, daga manyan kamfanoni, ta cike komai da kyakkyawan rubutu ta aika, ita da duk wani ɗalibi mai rai a jami'o'in ƙasar. Shiru. Kafin a ankara 'yan aji sun raɗa mata suna, Mai Gadin Allo.

Ƙawarta ta ɗaki, wadda ake kira Aku saboda bakinta ba ya hutawa, tuni ta samu gurbi a wani kamfanin fenti.

"Ni ban ga tallansu ba," in ji Auta.

"Wane talla? Wani da ya gama bara yana can, na tambaye shi, ya ce suna ɗaukar mutum biyu. Na je, suka yi min tambayoyi har gumi ya keto min, suka ɗauke ni."

"Wato hanya kika bi."

"To da ta sama zan bi? Ke dai ci gaba da gadi. In allon ya haihu ki kira ni suna."

"Allah ya shirye ki, Aku."

"Amin, ni da ke. Tashi ki je ofishin Kawu kafin in ja ki da mayafi."

Ofishin da Aku take nufi shi ne na shawarar aiki, a bayan ɗakin karatu, kusa da inda ake tara karyayyun kujeru. Auta ta sha wuce shi, tana zaton wurin masu shirin gamawa ne kawai. Ɗaki ne mai tebur biyu da fanka mai kuka. Mai ofishin dogo ne, ya fara furfura, tabaransa ɗaure da zare a kunne ɗaya. Shi ya ce a riƙa ce masa Kawu, wai duk ɗalibin da ba shi da kawu a babban ofishi, to ga shi ya samu.

Ya saurare ta har ta gama, ya karɓi takardar bayaninta ya duba.

"Makinki ya yi kyau. Amma a nan kin rubuta sunan makarantar firamarenku, ba ki rubuta gwaje-gwajen da kika yi da hannunki a ɗakin gwaji ba. Mai ɗaukar ɗan horo ba ruwansa da firamare. Za mu gyara. Yanzu faɗa min, ina da ina kika nema?"

Ta faɗa masa.

"Sai kuma?"

"Su kaɗai suka yi talla, Kawu."

Ya cire tabaran ya goge da bakin riga. "'Yata, bari in gaya miki yadda abin yake. Babban kamfani mai ɗaukar mutum da yawa, shi ke talla, yana da ma'aikatan da za su zauna su tace takardu. Ƙaramin ɗakin gwaji mai kujera ɗaya tak ta ɗan horo, wa zai zauna masa ya karanta buhun takardu? Waya suke ɗagawa. Su kira ni, ko su kira malaminsu na da, ko su tambayi ɗan horon da zai tafi ko ya san wani mai hankali. Kafin labari ya iso allonki an zauna a kujerar."

"Amma Kawu, wannan ai son kai ne. Wanda bai san kowa ba fa?"

"Shi ya sa ake biyana albashi. Don wanda bai san kowa ba." Ya mayar da tabaran. "Da zan ce a ɗauke ki ko kin iya ko ba ki iya ba, wannan zalunci ne, kuma ba na yi. In na tura musu ragon ɗalibi sau ɗaya, ba za su sake ɗaga wayata ba. Ni dai in nuna miki ƙofar da take buɗe. Shiga kuma da ƙafarki za ki shiga, su gwada ki."

Ya ce akwai wata tsohuwar ɗalibar sashensu da ke aiki a ɗakin gwaji na matatar ruwa. Kowace shekara sukan ɗauki mutum ɗaya a wannan lokacin. Bai san ko sun riga sun ɗauka ba. Ya tura mata saƙo a gaban Auta, cewa ga wata ƙanwarta nan zuwa, ya kuma karanta wa Auta amsar: ta zo, ƙofa a buɗe take.

Auta ta je. Ta goge mayafinta, ta hau mota har ƙarshen layi, ta sa hannu a wurin mai gadi. Matar ta tarbe ta da fara'a, wata kakkaura mai dariya da dukan jiki, ta ce ta kira ta Yaya kawai. Ta zagaya da ita, ta nuna mata inda ake auna dagulewar ruwa da inda ake duba yawan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ta tambayi labarin malamai, wane ya yi ritaya, wane har yanzu yake rufe ƙofa in an makara. Auta ta amsa komai cikin ladabi. Ta yi tambayoyi masu kyau a kan na'urori. Maganar da ta kawo ta kuwa ba ta faɗa ba. A ranta tana cewa ai Yaya ta sani, me kuma zai kawo ɗalibar shekara ta uku ƙarshen layi in ba wannan ba? In akwai wuri, ita za ta faɗa.

Da aka kira Yaya a waya, Auta ta miƙe.

"Har za ki tafi? Akwai wani abu ne?"

"A'a, Yaya. Dama gaisuwa na zo."

"Kai, na gode. 'Yan yanzu ba su cika zumunci ba. Ki gaida Kawu."

Ta jira a kira ta. Ba a kira ba. Bayan mako guda ta sake komawa, ta sake gaisuwa, har ta taya Yaya wanke kwalabe. Ta dawo kamar yadda ta je.

Kawu ne ya hango ta a gaban allo, ya yafito ta.

"Me Yayarki ta ce?"

"Ta ce ta gode."

"Ta gode da me?"

"Da zuwan da na yi."

Ya tsaya yana kallonta ta saman tabarau. "Ke me kika ce mata?"

Ta faɗa masa, kalma bayan kalma. Kawu ya zauna a hankali a kan wata karyayyar kujera, ya tashi da sauri da ta yi ƙara.

"Laifina ne da ban faɗa mata a saƙon ba. Na ɗauka bakinki zai ƙarasa. 'Yata, matar nan tana gwada ruwan da gari guda ke sha. Ba ta da lokacin duba cikin zuciyar mutum. Ɗalibai suna zuwa wurinta don aikin bincike, don ganin na'ura, wasu don a ɗauke su hoto da farar riga. Ta ina za ta san naki?"

"Kawu, ban iya roƙo ba. A gidanmu ba a yi."

"Wa ya ce ki yi roƙo? Wata shida za ki yi kina musu aiki. Shigo."

A ofis ya rataye kwat ɗinsa a bayan kujera, ya ɗora mata fayil a matsayin kai. "Ga Yayarki. Faɗa mata."

Auta ta kalli kwat. "Yaya, ina wuni. Ya aiki? Ya yara?"

"Lafiya lau," in ji Kawu da siririyar murya. "Sai an jima."

Magatakardar da ke ɗaya teburin ta kifa kai tana dariya.

"Sake. Gaisuwa ɗaya, sannan abu uku: me kike nema, yaushe, me kika iya. In ta ce babu, kada ki tashi. Ki ce, wa kika sani da zan tambaya? Wannan ta ƙarshen ta fi sauran amfani, kuma ita kowa ke mantawa."

Ta sake. Muryarta ta shige ciki.

"Kwat ɗin kurma ce. Ɗaga."

Sai da fanka ta gaji da kuka kafin Kawu ya ce ya isa, ta je gida ta ci gaba da yi wa madubi.

Madubi kuwa ba a rasa shi a shagon Baba. Ranar hutun mako ta je taya shi, ya fita auna tagar wani, ta tsaya gaban wani dogon madubi tana maimaitawa. "Yaya, ina neman gurbin horo na wata shida a ɗakin gwaji, daga farkon zango mai zuwa. Na iya..." A cikin madubin ta hango shi tsaye a bakin ƙofa, tef ɗin awo a hannu. Inna, wadda ta kawo masa abincin rana, tana zaune a kan benci tana kallon su biyun.

"Wa kike roƙo?" in ji Baba.

Ta yi masa bayani. Bai zauna ba.

"Na sa ki makaranta don ki riƙa bin ofis-ofis kina a taimake ni? In kina da ilimi za a neme ki. Ni shekara nawa a shagon nan, wa na taɓa zuwa wurinsa? Duk wanda kika gani a nan da ƙafarsa ya zo."

Inna ta buɗe kwano ta rufe. "Da ƙafarsa, gaskiya ne. Ƙafar ce dai ban san wa ya nuna mata hanya ba."

"Me kike nufi?"

"Malam, tagogin makarantar nan ta bayan kasuwa, da ka yi wata guda kana yi, ka ɗauka mafarkinka shugabar ta yi? A layin asibiti na same ta, na ce mijina yana yanka gilashi, in kuna da aiki ku gwada shi. Mai shagon hotuna kuma matarsa na yi wa magana. Shagon nan kansa, ƙanina na aika ya tambayo ko za a bayar haya."

"Ban aike ki ba."

"Ba ka aike ni ba. Kai ka riƙe girma, ni na riƙe baki, muka ci abinci. Aikinka mai kyau ne, shi ya sa suke dawowa. Amma zuwan farko, wani ne ya buɗe baki." Ta tura masa kwanon. "Ita wannan ta ɗauko hannunka ta ɗauko taurin bakinka, kuma ba ta da matar da za ta yi mata talla. Ka bar ta ta koya."

Baba ya zauna. Ya wanke hannu, ya ci loma biyu ba tare da ya kalli kowa ba. Can ya ce, "Har da mai shagon hotuna?"

"Har da shi."

Ya ƙara loma. Sannan, yana kallon kwano, ya ce wa Auta, "In za ki faɗa, ki daina sunkuyar da kai. Kamar wadda ta fasa wa mutane gilashi."

Ranar aiki ta farko bayan hutun, ta koma matatar ruwa. Ta yi gaisuwa ɗaya. Ta faɗi abu ukun a jere, kanta a ɗage.

Dariyar Yaya ta ɗauke. "Wai wuri kike nema? Tun zuwanki na farko?"

"E, Yaya."

"Haba ƙanwata. Ranar da kika fara zuwa kujerar nan babu kowa a kanta. Na ma so in tambaye ki, sai na ga kin ce gaisuwa, na ce wannan ta samu wurinta. Makon jiya shugabanmu ya sa wa wani yaro hannu. Ya riga ya kai takarda makarantarsu, ba yadda zan yi."

Auta ta ji ƙafafunta suna neman ƙofa. Saura kwanaki kaɗan a rufe karɓar takardu a sashe. Ta hango kanta shekara mai zuwa a aji ɗaya da ƙannenta, Aku kuma da rigar kammalawa. Har ta kama jakarta, sai ta tuna kwat mai kan fayil.

"Yaya, wa kika sani da zan tambaya?"

Yaya ta dube ta, ta jawo waya. "Zauna."

Yaya ta rubuta a zauren waya na tsofaffin ɗaliban sashe, inda ake sanar da aure da rasuwa da guraben aiki. Amsoshi suka fara shigowa: mun cika, mun cika, mu sai baɗi. Wani ya ce a gwada masana'antar sabulu, ɗan horonsu ya gama, kuma shugaban ɗakin gwajinsu ba ya talla tun shekarar da ya yi, takardu suka cika masa ofis. Yaya ta tafa hannu. Ta san shi, a ƙarƙashinsa ta yi nata horon. Ta kira shi nan take, ta sa a lasifika.

"Yallabai, ɗiyarka ce ta matatar ruwa."

"Wadda ta fasa min kwalbar awo."

"Shekara nawa yanzu, Yallabai, a yafe mana. Ina da ƙanwa a nan tana neman horon wata shida."

"Kin san aikinta?"

"Ban ga aikinta sosai ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Ta wanke min kwalabe da kyau, tambayoyinta na masu karatu ne, kuma Kawu ne ya turo ta."

"Tana da surutu?"

Yaya ta kalli Auta ta danne dariya. "Wannan kam ba za ka yi kuka da ita ba."

"Ta zo gobe da safe da takardar sashe. Akwai wani ma da zai zo. Wanda ya fi, shi zan ɗauka."

Shugaban ɗakin gwajin tsoho ne siriri, mai gira kamar burushi. Bai tambaye ta 'yar wace ce ba. Ya ba ta kwalbar awo ya ce ta cika ruwa zuwa layi, ya tsaya yana kallon ko za ta sunkuya ta daidaita idonta da layin. Ta sunkuya. Ya tambaye ta, in za a sirka asid, wanne ake zubawa cikin wanne. Ta ce asid ake zubawa cikin ruwa, a hankali. Ya tambaye ta yadda ake gane sodar da ta yi saura a cikin sabulu, wadda ke cin fatar mutum. Ta fara, ta kai rabi, ta tsaya.

"Yallabai, daga nan ban sani ba. Amma in an nuna min zan riƙe."

Ya yi wani ɗan gurnani wanda daga baya ta gane shi ne yabonsa. Ya ce ta jira a waje. Ta zauna a benci kusa da masu loda kwalaye har rana ta take, ɗayan ɗalibin ya shiga ya fito. Sannan aka miƙo mata takarda mai hatimi.

Kawu ya karanta ta a tsaye, ya buga mata tambarin ofis, ya ce ta ruga sashe kafin magatakarda ya tafi. Da ta dawo yi masa godiya, ta fara jero addu'o'i, ya ɗaga hannu.

"Amin, amin. Amma godiyar da nake so daban ce. Yau ki tura wa Yayarki saƙo ki gaya mata yadda aka yi, kada ta ji a bakin wani. In kin fara aiki, ki yi shi yadda gobe in na kira tsohon nan zai ɗaga. Kuma duk ranar da kika ji kujera za ta tashi, a wurinku ko a maƙwabta, ki kira ofishin nan kafin ki gaya wa kowa."

Ta yi wata shidanta. Ta koyi auna danshin sabulu da ƙarfin kumfarsa, ta koyi gane sodar nan da ta kayar da ita. Ta fasa kwalba ɗaya ita ma, tsohon ya ce yanzu ta zama 'yar gida. Malamin da sashe ya turo duba ta ya same ta tana gardama da mai kula da tukunya a kan wani rukunin sabulu da ta ce ba zai fita ba, ya koma ya ba da labari cewa Mai Gadin Allo ta yi baki. Bayan ta kammala jami'a ta yi shekara tana koyarwa a wata makaranta. Da mataimakin tsohon ya samu wani aiki, tsohon bai yi talla ba. Ya kira ta.

Sauran rayuwarta ba ta da wani abin mamaki. Ta yi aure, ta haifi uku, ta binne Baba, wanda har ya bar duniya yana gaya wa masu sayen madubi cewa 'yarsa da iliminta aka neme ta, Inna kuma tana gefe tana gyaran murya. Tsohon ya yi ritaya ya bar mata ɗakin da girarsa a hoto a bango. Ita da Yaya suna haɗuwa a taron tsofaffin ɗalibai, kuma Yaya ba ta taɓa barin ta ta zauna lafiya ba. Da ta hango ta sai ta ce, "Ga mai gaisuwa nan, ku ba ta wuri."

Alkawarin Kawu kuwa ba ta saɓa ba. Duk shekara, kafin ɗan horonta ya gama, takan kira ofishin bayan ɗakin karatu ta ce kujera za ta tashi. Takan kuma tambayi masu kawo musu sinadarai da masu gyaran na'ura ko wani wuri yana neman ɗalibi, ta haɗa ta faɗa. Ba duk wanda aka turo take ɗauka ba. Takan ba su kwalbar awo, ta tsaya tana kallon ko za su sunkuya. Wanda bai samu ba, ba ta barinsa ya fita sai da sunan wani da zai je ya tambaya.

Yanzu wata matashiya ce a ofishin, da kwamfuta da fanka marar kuka. Kawu ya yi ritaya, idonsa ya yi rauni, yana zama a ƙofar gidansa da rediyo a cinya. Auta takan je duba shi lokaci-lokaci, da kwalin sabulu a bayan mota.

Zuwanta na baya-bayan nan ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi jiki, ta tambayi jikoki. Ya rage muryar rediyo, ya juyo da kunnensa wajenta.

"Gaisuwa na amsa," in ji shi. "Saura me?"

"Kawu, tambayata ce fa ka ɗauka."

"A wurina kika samo ta. Faɗi."

"To. Ƙaramin ɗana yana shekara ta uku, yana karanta aikin gona. Horo ya taso, ni kuma ban san kowa a wannan fannin ba. Na tura shi ofishinsu, sun ba shi sunaye biyu, duk sun cika. Wa ka sani da zai tambaya?"

Kawu ya yi murmushi, ya lalubo wayarsa a aljihu ya miƙa mata.

"Duba min sunan Mai Kaji. Ajinku ɗaya, yana zama a baya yana barci. Yanzu gonarsa ta fi jami'ar girma. Amma ke ba za ki kira ba. Ki ba yaron lambar, ya kira da bakinsa."

"Ai shi ne matsalar, Kawu. Kakansa ya biyo."

"To ki turo min shi," in ji Kawu. "Kwat ɗin tana nan."